Wasiƙar neman izinin ɗaukar fim a shago: wa zan rubuta wa, kuma me zan ce?

Ɗalibar Jarida: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. An ba mu aikin ƙarshen zango, kowa ya haɗa gajeren dokumentari da bai wuce minti 8 ba. Ni na zaɓi wani dattijo mai gyaran keken ɗinki, shagonsa a bakin layi yake. Mun yi magana sama-sama bai ƙi ba, amma ya ce in kawo a rubuce, kuma tunda zan ɗauki wajen shagon, in sanar da mai unguwa. Ga abin da na rubuta: "Ina neman izinin ɗaukar fim a wurinku domin aikin makaranta. Ina fata za a ba ni haɗin kai. Na gode." Wannan ya isa? Kuma wasiƙa ɗaya zan yi wa su biyun, ko kowa da tasa?

Abban Yara: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki wahalar da kanki da wasiƙu biyu. Ki rubuta ɗaya zuwa ga mai unguwa, in da hali ma hakimi. Da zarar hatimin manya ya hau takarda magana ta ƙare, babu mai shagon da zai ce miki a'a.

Tsohon Mai Ɗauka: Abban Yara, ka yi gaskiya cewa ba a tsallake manya, amma hatimin mai unguwa ba ya buɗe ƙofar shagon wani. Abin da mai unguwa yake ba ki shi ne ki tsaya a layi da kyamara ba tare da wani ya tare ki yana tuhuma ba. Cikin shago kuwa na mai shago ne. Ko da ya bar ki kin shiga don kunyar hatimi, za ki gane a fuskarsa ranar ɗauka: amsa a taƙaice, ido na kan ƙofa, yana jiran ki tafi. Dokumentari a kan mutumin da bai saki jiki ba ba ya kyau ko da wace irin kyamara aka ɗauka. Don haka wasiƙa biyu ce, kuma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne.

Ɗaliba, wasiƙarki tana da ladabi, sai dai ba ta faɗa wa dattijon komai ba. Ki sa kanki a kujerarsa. Yana riƙe da takardar nan, abin da ke ransa shi ne: su nawa za su zo, wace rana, awa nawa zan yi ban yi ciniki ba, me za su nuna, kuma wa zai kalla? In wasiƙa ba ta amsa waɗannan ba, ko dai ya ce "sai na yi shawara" ki yi ta zarya, ko kuma ya amince da wani abu daban da wanda ke ranki, wanda shi ya fi muni. Shi yana zaton yarinya ɗaya ce da waya ta minti goma, sai ga mutum uku da fitilu sun cika masa shago har azahar.

Ɗalibar Jarida: Malam, na gode. To ai fim ɗin minti 8 ne kacal, na ɗauka in na rubuta "kamar awa ɗaya" ya wadatar.

Tsohon Mai Ɗauka: A nan yawancin masu farawa suke samun saɓani da mai wuri. Tsawon fim daban, tsawon ɗauka daban. Bari mu lissafa naki. Kafin ki danna komai, sai kin kafa kyamara a kan ƙafarta, kin gyara haske, kin maƙala masa makirfo a wuyan riga kin gwada sauti. Wannan kaɗai minti 30 zuwa 40 ne, balle a ƙaramin shago da sai an matsar da kaya. Hira da shi, in kina son ki tsamo minti huɗu masu kyau, sai kun zauna minti 40, domin farkon hira mutum a ɗarare yake, sai can tsakiya maganar kirki ke fitowa. Sannan hotunan aiki: hannunsa yana kwance sassan keke, yana ɗiga mai, yana saita ƙoshiya, yana gwada ɗinki a kan ƙyalle. Gyaran keke ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba ya sauri don ke, kuma wani wurin za ki roƙe shi ya maimaita don ki ɗauka daga kusa. Ki ba wannan awa ɗaya da rabi. Tattara kaya minti 20. Kin ga kin kai awa uku ko ma fiye, ba a ma fita waje ba.

Shawarata ki raba kwana biyu, awa biyu zuwa biyu da rabi kowace rana, kuma ki tambaye shi lokacin da mutane suka fi ƙaranci a shagon. Ki rubuta lokacin farawa da na tashi ƙarara. In kin tashi kafin lokaci zai yaba miki, in kin wuce da minti 30 zai riƙa tunawa.

Akwai kuma abin da kusan kowa ke mantawa a wasiƙa, shi ne shiru. Lokacin hira dole a kashe fanka da rediyo, in akwai janareta kusa shi ma. Kunnen mutum yana watsar da ƙarar fanka, makirfo ba ya watsarwa, kuma cire ta a wajen tacewa yana ɓata muryar mai magana. Rediyo kuma matsalarsa biyu: in waƙa tana tashi a bayan hira, duk inda kika yanka sai an ji waƙar ta yi tsalle, sannan in kin ɗora a YouTube na'urarsu tana iya gane waƙar, mai haƙƙinta ya sa hannu a kan bidiyonki ko a toshe shi. Mutumin da ya saba aiki da rediyo a kunne, ki ce masa ya kashe ba zato, zai ji kin yi masa shisshigi. In yana cikin wasiƙa tun farko, ya san da shi.

Matashi Mai Buri: Salam. Don Allah in ana neman 'yan wasa a fim ɗin ina so, na taɓa fitowa a wasan makaranta. Kuma ita wasiƙar ba hukumar fina-finai ake kai wa ba?

Ɗalibar Jarida: Ɗan'uwa, ba fim ɗin wasa ba ne, mai gyaran ne da kansa zai yi magana a kan aikinsa.

Tsohon Mai Ɗauka: Amma tambayarsa ta biyu tana kan hanya. A wasu wuraren akwai hukumar da ke ba da lasisin ɗaukar fim, kuma takardar mai unguwa ba ta maye gurbin tata. Ɗaliba, ki tambayi malaminku ko aikin ɗalibai ya shiga ƙarƙashin wannan a inda kike, kuma ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku ki maƙala wa kowace wasiƙa. Haka nan in wani cikinku yana da ƙaramin jirgi maras matuƙi yana so ya ɗauko layin daga sama, ku bar shi a gida. Ƙasashe da yawa suna da dokarsa daban, mai unguwa ba shi da ikon ba da izininsa, kuma yana leƙa tsakar gidajen mutane.

Hajiya Mai Yadi: Ni bari in yi magana a matsayin mai shago, don abin ya taɓa faruwa da ni. Wasu samari suka zo da ladabinsu, suka ce za su ɗauki yadda ake zaɓen yadi. Na amince da baki. Bayan wani lokaci sai ga wata mai saye a wurina ta zo ranta a ɓace, wai an turo mata bidiyo tana ciniki a shagona, ana jin har abin da take cewa a kan bashin da ke tsakaninmu. Ba ta san ana ɗaukarta ba, ni ma ban san makirfonsu yana kamawa daga can ba. Na kira su suka cire, amma ya riga ya zaga wayoyi. Matar nan ba ta sake takowa shagona ba.

Don haka 'yata, abin da nake so in gani a wasiƙa shi ne me za ki yi da masu shigowa. Izinina bai shafi fuskar mai saye ba, ba ni da ikon bayar da ita. Kuma littafin bashi, da rasit, da aljihun tebur da ake ajiye kuɗi, kada kyamara ta kalle su.

Tsohon Mai Ɗauka: Hajiya, Allah ya kyauta. Abin da aka ɗora a intanet zarar bunu ne, shi ya sa wajibi ne wasiƙa ta faɗi inda za a nuna fim. "Aikin makaranta" ba amsa ba ce. A aji kaɗai za a kalla? Za a ɗora a shafin makaranta? Za ki sa a naki shafin, ko ki tura gasa? Duk wanda kike da niyya ko da nan gaba, ki rubuta shi yanzu. Komawa neman ƙarin izini bayan an riga an ɗora ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Masu shigowa kuwa, hanya biyu ce. Ko ki dakatar da ɗauka da zarar wani ya shigo, ko ki tambaye shi kafin ya shiga hoto. In ya yarda, ya faɗa a gaban kyamara cewa ya san abin da ake yi kuma ya amince. Yaro kuma sai da yardar iyayensa. Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin irin waɗannan shagunan ba sa rasa yaron da ke koyon aiki, kuma maigidansa na shago ba lalle ba ne shi ne mahaifinsa.

Ga yadda zan rubuta ta mai shagon, ki gyara ta ta dace da ke:

"Zuwa ga Malam ..., mai shagon gyaran keken ɗinki da ke ...

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Baba, sunana ..., ɗaliba a sashen koyon aikin jarida na ... Ina neman izininka in ɗauki gajeren fim na minti 8 a kan sana'arka: yadda ka koye ta da yadda kake gyara keke daga farko har ya koma ɗinki.

Mu uku ne za mu zo, da kyamara ɗaya, ƙaramin makirfo da fitila biyu masu batir, ba za mu taɓa wutar shagonka ba. Muna so mu zo ranar Talata da Laraba, ... ga wata, daga ƙarfe 9:00 zuwa 11:30 na safe, ko duk lokacin da ya fi maka sauƙi. A rana ta farko za mu yi hira ta kimanin minti 40, inda za mu roƙi a kashe fanka da rediyo. A rana ta biyu aikinka kawai za mu ɗauka, kana yi kamar kullum.

Ba za mu ɗauki fuska ko muryar mai shigowa ba sai da yardarsa. Ba za mu nuna littafin ciniki ko wurin ajiyar kuɗi ba. Duk abin da muka matsar za mu mayar, abin da ya lalace ta dalilinmu kuma mu ne da biya.

Za a nuna fim ɗin a makaranta, sannan a ɗora shi a shafin sashenmu na intanet inda kowa zai iya gani. Ba na sayarwa ba ne, kuma babu biyan kuɗi tsakaninmu. Kafin a fitar zan kawo maka ka gani, domin ka gyara mana in mun yi kuskure a suna ko bayani.

In ka amince, ina roƙon ka sa hannu a ƙasa. Ga lambar wayata da ta malaminmu."

A ƙasa ki bar layi: "Na karanta, ko an karanta mini, kuma na amince," sai suna, sa hannu da kwanan wata. Kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya naki. In karatun boko bai dame shi ba, ɗansa ko wani nasa ya karanta masa, ba ke ba, don kada daga baya a ce kin tsallake wani layi.

Hajiya Mai Yadi: Malam, wasiƙar ta yi, sai wuri ɗaya. "Ka gyara mana in mun yi kuskure" bai ishe ni ba. Ni in na kalla na ga abin da bai yi mini ba, ko da gaskiya ne, ina so a cire. Shagona ne, mutuncina ne.

Tsohon Mai Ɗauka: Hajiya, na fahimce ki, kuma da gangan na rubuta haka. In ta yi alƙawarin cire duk abin da bai so ba, ta miƙa masa almakashin tacewa ke nan. A ce a hira ya faɗi cewa sana'ar tana ja baya, matasa ba sa zuwa koyo, kuma wannan ce zuciyar fim ɗin. Ana gobe za ta miƙa aiki wani ya zuga shi ya ce a cire. Me ya rage mata?

Hajiya Mai Yadi: Ya rage mata ta yi haƙuri. Maki ɗaya na makaranta da zaman mutum a cikin jama'arsa ba ɗaya ba ne. Ita za ta gama ta tafi, shi yana nan.

Abban Yara: A nan kam ina bayan Hajiya. Amma ko za a iya tsaka-tsaki? A ce yana da kwana uku bayan ya kalla ya faɗi abin da yake so a cire, bayan nan shi ke nan.

Tsohon Mai Ɗauka: Ga fim irin nata, wanda ba bincike ba ne, ba tonon asiri ba, zan iya yarda da wannan, in dai an rubuta wa'adin kuma ta kai masa da wuri. Amma ban yarda ya zama ƙa'ida ga kowane dokumentari ba. Ɗaliba, ko wanne kika zaɓa, kada ki rubuta abin da ba za ki cika ba, kuma ki nuna wa malaminku wannan layin kafin ki kai, domin wasu makarantun ba sa barin ɗalibi ya yi irin wannan alƙawarin.

Magatakarda: Na makara, amma na daɗe ina karɓar irin waɗannan takardu a ƙofar wani mai unguwa, bari in ce wani abu a kan wasiƙa ta biyu. Kada ki kwafe ta mai shagon ki canja suna. Mai unguwa bai damu da fanka da rediyo ba. Damuwarsa uku: kada a tara jama'a a toshe hanya, kada a ɗauki ƙofofin gidaje da matan da ke wucewa, kada kuma gobe a ga unguwarsa a wani bidiyo da ke cewa wani abu daban, na siyasa ko na aibata wuri, a kira shi daga sama a ce da saninsa aka yi.

Saboda haka ki buɗe da "Zuwa ga Mai Girma Mai Unguwar ...", ki bi da "Ranka ya daɗe", ki faɗi ko ke wace ce da inda kika fito, sannan kai tsaye: fim ɗin a kan sana'ar Malam wane ne, ya riga ya amince, ga kwafin takardarsa. Abin da za a ɗauka a waje shi ne gaban shagon da allonsa da ɗan ɓangaren layin, na kimanin minti 30, ranar kaza da ƙarfe kaza. Ki rubuta abin da ba za ki ɗauka ba. A ƙarshe ki roƙi ya haɗa ki da wani nasa da zai tsaya tare da ku. Wannan roƙon shi ya fi komai amfani. Duk wanda ya zo yana tambayar wa ya ba ku izini, ba ke za ki amsa ba, fuskar da ya sani ce za ta amsa, kuma shi zai kora yara in sun taru gaban kyamara.

Shafi ɗaya ya isa. Ki kai da hannu, ba ta waya ba, tare da wani babba da aka sani a unguwar, in mai shagon zai raka ki ma ya fi. Ki ba da aƙalla mako guda, domin wani lokacin mai unguwa ba ya yanke hukunci shi kaɗai, sai ya sanar da dagaci. Kada kuma ki tsallake shi ki tafi wurin hakimi kamar yadda aka ce a sama. Takardar za ta gangaro ta dawo hannunsa, kuma zai san an wuce shi.

Ɗalibar Jarida: Baba Magatakarda, Allah ya saka da alheri. Ke nan ta mai shago zan fara kaiwa? Na ɗauka babba ake fara wa.

Magatakarda: Gaisuwa daban, takarda daban. Kina iya fara zuwa ki gaishe shi ki ce ga abin da ke tafe. Amma tambayar farko da zai yi miki ita ce, shi mai wurin ya yarda? In kina da sa hannunsa a jaka, zama ɗaya ya isa. Kuma ki sani ba kowane mai unguwa ke mayar da amsa a rubuce ba. In ya ce "ku je ku yi, Allah ya taimaka," ki roƙi a sa hannu ko hatimi a kan kwafinki da kwanan wata, alamar an karɓa. Ranar ɗauka wannan kwafin ya kasance a jikinki.

Abban Yara: To maganar ihsani fa? Malam ya rubuta "babu biyan kuɗi", ni kuwa ina ganin mutum ya bar aikinsa awa biyar saboda kai, bai kamata ka tafi haka nan ba.

Tsohon Mai Ɗauka: Abin da layin ke hanawa shi ne zaton da ba a faɗa ba, kada ya ɗauka akwai wani abu, ita kuma ta ɗauka babu. In za ta rama masa cinikin da ya rasa, ta rubuta hakan a fili a maimakonsa. Ni dai ba na biyan mutum don ya yi magana, domin daga nan abin da yake ganin kana so shi zai faɗa maka. Abin da na fi yi shi ne in kawo aiki na biya kamar kowa. A nata, ta samo keken da ya lalace da gaske ta kai masa gyara, ta biya kuɗin gyaran. Shi bai yi asarar safiyarsa ba, ita kuma ta samu gyara daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ta jira wani ya kawo nasa ba, balle neman izinin mai keken.

Hajiya Mai Yadi: Wannan dabara ce mai kyau. Abu ɗaya kuma 'yata, ki tambaye shi shagon nasa ne ko haya yake. In a cikin rukunin shaguna ne, akwai mai ginin ko shugaban 'yan kasuwar wurin, kuma maigadi ba ya sanin takardar kowa sai tasu.

Ɗalibar Jarida: Hajiya, haya yake, shaguna huɗu ne a jere. Sai na yi wasiƙa ta uku ke nan?

Tsohon Mai Ɗauka: Ki tambayi dattijon tukuna, shi ya san halin mai gininsa. Sau da yawa kiran waya ɗaya daga gare shi ya wadatar, in ya ce sai an rubuta, ki rubuta layi biyar. Maƙwabtansa uku kuwa ki shiga ki gaishe su da baki kwana ɗaya kafin ɗauka, ki faɗa musu lokacin hirar. In ɗaya cikinsu mai walda ne ko mai niƙa, da shi za ki daidaita wannan minti 40 ɗin kafin ki rubuta ƙarfe nawa a wasiƙar.